Katin Bita: Yadda Za Mu Gane Ko Mun Fahimci Karatu Ko Kwafe Shi Kawai Muka Yi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Muna son mu yi amfani da shafin da aka ba ajinmu a littafin bana mu bayyana wata dabara ta bita da muka gwada. Farkon da muka yi ta ba daidai muka yi ba, sai da muka sha kunya sannan muka gyara. Kuskuren da gyaran duka za mu faɗa, don ƙannenmu su huta da faɗawa ramin da muka faɗa.

Ga yadda abin ya faru. Kafin jarrabawar Sira ta zangon farko, mu shida a ajinmu muka yanyanka kwalin sukari da bangon tsofaffin kaye, muka yi kati sama da ɗari. A gaban kati mu rubuta "Sulhun Hudaibiyya", a baya kuma mu kwafe sakin layin littafi gaba ɗaya da Larabci, har rubutun ya cika ya koma gefe. Kullum da dare sai mu ɗauki kati, mu duba gaba, mu juya mu karanta baya, mu ce "ai mun san wannan". Ranar jarrabawa malam bai tambayi shekarar Hudaibiyya ba. Cewa ya yi: an ƙulla sulhu na shekara goma, to me ya sa aka buɗe Makka ba a ko cika shekara biyu ba? Muka zauna muna kallon takarda. Shekarun biyu suna kanmu, 6 da 8, amma igiyar da ta ɗaure su ba mu da ita.

Daga baya muka gane inda ciwon yake. Idan mutum ya karanta abin da ya saba gani, zuciyarsa tana ce masa ya sani, alhali gane fuskar rubutun kawai ya yi. Mu 'yan makarantar allo ya kamata mu fi kowa sanin haka. Wanda yake bin sura da ido a cikin Alkur'ani zai ji kamar ya haddace ta, sai an rufe littafin an ce ya kawo hadda sannan a ga inda yake tuntuɓe. Kati mai kyau aikinsa ke nan: ya rufe mana littafin, ya tilasta mu ciro amsa daga kanmu kafin mu juya. Kati marar kyau kuwa littafi ne kawai da aka yanka ƙanana.

Ƙa'idoji uku da muka tsayar

Na farko, kati ɗaya tambaya ɗaya, amsarta kuma kada ta wuce abin da za a faɗa da numfashi ɗaya ko biyu. Dalili shi ne hukunci. Idan bayan kati yana ɗauke da abu shida muka tuna huɗu, shin mun ci ko mun faɗi? Kowa zai yi wa kansa sassauci ya ce ya ci, biyun da suka ɓace kuma ba za su dawo ba.

Na biyu, a gaban kati a rubuta cikakkiyar tambaya, kada a rubuta suna kawai. "Uhudu" ba tambaya ba ce. "Me ya juya yaƙin Uhudu bayan Musulmi sun fara rinjaye?" ita ce tambaya.

Na uku, amsa a rubuta ta da littafi a rufe, da bakinmu. Kalmar ilimi ta zauna da Larabcinta, amma bayaninta ya zo da Hausa, ko Kotokoli, ko Zabarmanci, ko Faransanci, duk harshen da mutum yake tunani da shi. Bayan an rubuta sai a buɗe littafi a duba ko an yi daidai. Wanda ya kasa faɗin abu da harshen gidansu bai riga ya fahimce shi ba, kuma gara ya gane haka a ɗakinsa da ya gane a ɗakin jarrabawa.

Katin shekaru

Bari mu koma kan Hudaibiyya, mu nuna yadda muka farfasa wancan katin guda ɗaya ya zama biyar.

Kati na ɗaya yana tambayar shekara kai tsaye: a wace shekara da wane wata aka yi sulhun? Amsa: Zulƙida, shekara ta 6 bayan Hijira. Irin wannan kati ba laifi ba ne, dole akwai shi, sai dai shi kaɗai ba ya isa.

Kati na biyu: me ya fitar da Musulmi daga Madina a wannan tafiya? Amsa: Umra suka nufa, Ƙuraishawa suka tare su.

Kati na uku: wane sharaɗi ne a cikin sulhun ya shafi sauran ƙabilu, kuma wa ya bi wa? Amsa: kowace ƙabila tana da damar shiga alkawarin ɓangaren da take so. Huza'a suka shiga na Musulmi, Banu Bakar suka shiga na Ƙuraishawa.

Kati na huɗu: me ya warware sulhun? Amsa: Banu Bakar sun kai wa Huza'a hari da taimakon wasu Ƙuraishawa.

Kati na biyar: wata nawa ne tsakanin sulhun da buɗe Makka? A nan sai an yi lissafi. Daga Zulƙida ta shekara ta 6 zuwa Zulƙida ta shekara ta 7 wata goma sha biyu ne. Daga nan zuwa Ramadan na shekara ta 8 wata goma. Jimla wata ashirin da biyu.

Kun ga yanzu tambayar da ta kayar da mu ta samu amsa, don kati na uku da na huɗu su ne igiyar. Kuma wani abin da muka lura, wanda ya riƙe dalilin ba ya rikita shekarun. Ba zai taɓa sa buɗe Makka kafin Hudaibiyya ba, tunda ya san warware sulhun ne ya jawo buɗewar.

Akwai kuma katin jeri. A gaba mu rubuta abu uku a hargitse, misali Handaƙ, Badar, Uhudu, mu ce a jera su a faɗi abin da ya haɗa kowanne da na gabansa. A baya: Badar shekara ta 2, Uhudu ta 3, Handaƙ ta 5. Ƙuraishawa sun zo Uhudu ne don ramuwar abin da ya same su a Badar, a Handaƙ kuma suka dawo da taron ƙabilu suka kewaye Madina. Game da Handaƙ, mafi yawan malaman Sira shekara ta 5 suka ce, wasu magabata kuma suka ce ta 4. A irin wannan wuri sai mu sa abin da littafin ajinmu ya tafi a kai a matsayin amsa, mu ƙara ƙaramin rubutu a ƙasa cewa akwai saɓani.

Katin da ya fi ba mu daɗi shi ne na haɗa Hijira da Miladiyya. Da farko mun ɗauka ƙara 622 kawai ake yi. Badar 2 ta ba da 624, Uhudu 3 ta ba da 625, Hudaibiyya 6 ta ba da 628, buɗe Makka 8 ta ba da 630, duk daidai. Sai muka zo kan Hajjin Bankwana a shekara ta 10 da wafatin Manzon Allah (SAW) a shekara ta 11, muka tarar duka biyun a 632 suke. Ɗaya daga cikinmu har ya ce littafin ne ya yi kuskure. Ashe ba kuskure ba ne. Hajji a Zulhajji ake yi, watan ƙarshe na shekara. Wafati kuma a Rabi'ul Awwal ne, wata na uku na sabuwar shekara. Kimanin wata uku ne tsakaninsu: na farko ya faɗo a Maris 632, na biyu a Yuni 632. Shekarar Hijira ta juya, ta Miladiyya ba ta juya ba. Sai muka mayar da ruɗanin namu kati: me ya sa shekara ta 10 da ta 11 suka haɗu a 632?

Ga shekarun da suka yi nisa kuwa, ƙara 622 ba ya aiki sam, domin shekarar wata kwana 354 ce, ta gaza ta rana da kimanin kwana 11. Kusan kowace shekara 33 ana samun ratar shekara guda. Lissafin kusa shi ne a ninka shekarar Hijira da 0.97 sannan a ƙara 622. Misali 1447 sau 0.97 ya ba da kusan 1403 da rabi, a ƙara 622 ya zama tsakiyar 2025, kuma a ƙarshen Yuni 2025 ne shekarar 1447 ta kama. Wannan lissafi kusantarwa yake yi, yana iya kuskure da shekara ɗaya.

Masu zuwa lakwal da safe suna iya yin haka da tarihin Togo. Kowa ya haddace 1884 da 1960. To amma kati mai gwada fahimta zai ce: Jamusawa ne suka ƙulla yarjejeniyar 1884 ta hannun Nachtigal, me ya sa daga hannun Faransa aka karɓi 'yanci ranar 27 ga Afrilu 1960? Amsa tana cikin 1914, lokacin da sojojin Ingila da Faransa suka ci Jamusawa a Togo a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya aka raba ƙasar tsakaninsu.

Katin kalmomin ilimi

A fiƙihu ne kwafe ya fi yi mana illa. Duk wanda ya karanta Ahalari ya san ƙabli da ba'adi. Tsohon katinmu cewa yake yi: ƙabli sujada biyu ce kafin sallama saboda ragi, ba'adi sujada biyu ce bayan sallama saboda ƙari. Gaskiya ne, kuma mun bar wannan katin. Amma a cikin salla ba wanda zai tambaye ka ta'arifi. Mantuwa ce za ta same ka a tsaye, kuma a take za ka yanke hukunci.

Saboda haka sai muka riƙa rubuta mas'ala a gaban kati, kamar yadda take faruwa. Ga wasu, bisa mazhabar Malikiyya da muke karantawa:

Mutum ya karanta Fatiha a raka'ar farko ta Azahar, ya manta sura, bai tuna ba sai da ya ɗago daga ruku'u. Me zai yi? Amsa: ƙabli, don sunna mai ƙarfi ya rage.

Mutum yana La'asar, ya yi shakka ko raka'a uku ya yi ko huɗu. Amsa: ya yi gini a kan uku da yake da yaƙini a kai, ya kawo ɗaya, ya yi ba'adi.

Mutum ya asirta karatu a Magariba inda ake bayyanawa, bai tuna ba sai bayan ruku'u. Amsa: ƙabli, don ragi ne. Idan kuma bayyanawa ya yi a inda ake asirtawa, ba'adi, don ƙari ne.

Mutum ya manta sura, sannan ya ƙara sujada ta uku da mantuwa a salla guda. Amsa: ragi da ƙari sun haɗu, ƙabli zai yi.

Sai kuma katin tarko, wanda amsarsa ba ƙabli ba ce ba kuma ba'adi ba. Wanda ya manta ƙunutu a Asuba babu sujada a kansa, don ƙunutu mustahabbi ne. Wanda ya bar ruku'u kuwa sujadar mantuwa ita kaɗai ba ta gyara masa, don farilla ce, sai ya kawo abin da ya bari. Katunan tarko suna da muhimmanci, domin idan duk amsoshin biyu ne kawai, mai canki ma zai ci rabi. Kuma a kowane kati ba mu karɓar "ƙabli" kawai a matsayin amsa, sai an faɗi dalili.

Kashedi ɗaya a nan: katin fiƙihu kada ya shiga bita sai malam ya duba shi. Kuskuren shekara maki zai ci maka, amma kuskuren hukunci idan ka maimaita shi sau ashirin da shi za ka riƙa salla, wataƙila har ka koya wa wani.

Katin mutane

Tsohon katinmu na mutum ɗan ƙaramin tarihi ne: sunansa, ƙabilarsa, abin da ya yi, rasuwarsa, duk a dunƙule. Yanzu daga aikin muke farawa, sunan ya zama amsa. Wa ya ba da shawarar haƙa rami a kewayen Madina, kuma daga ina ya san dabarar? Salmanul Farisi, daga ƙasarsu Farisa. Sannan mu yi wani katin ta ɗaya fuskar: wace matsala shawarar Salmanu ta warware? Taron ƙabilu ya fi ƙarfin a fuskance shi a fili, ramin ya hana dawakansu shiga ta ɓangaren garin da yake a buɗe.

Wasu mutane kuma da kansu suke ɗaure shekaru. Halidu ɗan Walidu a Uhudu, shekara ta 3, yana ɓangaren Ƙuraishawa, shi ne ya zagayo da dawakai lokacin da mafi yawan maharba suka bar tudun da aka ajiye su. A Mu'uta, shekara ta 8, shi ne ya karɓi tutar Musulmi bayan shahadar Zaidu ɗan Harisa da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib da Abdullahi ɗan Rawaha. Katinmu ya ce: ba tare da duba littafi ba, tsakanin waɗanne abubuwa biyu Halidu ya musulunta? Amsa: bayan Hudaibiyya, kafin Mu'uta. Mai wannan kati ko ya manta lambar shekara ba zai yi nisa da ita ba.

Inda muka fi rikicewa shi ne masu suna iri ɗaya. A labarin Uhudu kaɗai akwai Abdullahi biyu da ba su da haɗi: Abdullahi ɗan Jubairu, shugaban maharba hamsin, wanda ya tsaya a wurinsa har ya yi shahada, da Abdullahi ɗan Ubayyu, wanda ya janye da kimanin kashi ɗaya cikin uku na rundunar tun kafin a gwabza. Da muka yi musu kati daban daban sai muka riƙa musanya su. Maganin shi ne kati guda mai tambayar bambancinsu: Abdullahi biyu na Uhudu, wanne ya tsaya, wanne ya juya? Duk abu biyu da ka ga kana cakuɗawa, haɗa su a kati ɗaya su fuskanci juna.

Yadda ake bita

Ba a buƙatar sayen komai. Takarda mai kauri ko kwali, a yanka daidai tafin hannu. A rubuta da bik, don tawadar ruwa tana bajewa da danshi. Mu mutanen Adakpame mun san halin damina a unguwarmu, saboda haka katuna a cikin leda suke, ledar kuma a rataye, ba a ƙasa ba. Idan takardar siririya ce har ana hango amsa ta baya, an ɓata aikin. Kuma ba mu rubuta aya a jikin kati, sunan sura da lambar aya kawai muke sawa, tunda kati yana faɗuwa ƙasa.

Muna raba katuna gida uku, da ambulan uku ko roba uku. Wani ɗan jarida Bajamushe mai suna Sebastian Leitner ne ya yaɗa wannan tsari a 1972, ko da yake mu ba baƙo ba ne a wurinmu, don haka mahaddata suke yi: sabon karatu kullum, tsohon karatu bi da bi. Gida na ɗaya kullum ake duba shi. Gida na biyu Litinin da Alhamis. Gida na uku sau ɗaya a mako. Sabon kati gida na ɗaya yake shiga. Idan ka ci shi ya hau gida na gaba. Idan ka faɗi, ko daga gida na uku ne, ya koma na ɗaya. Ta haka lokacinka yana tafiya ne ga abin da yake ba ka wuya.

Amsa a faɗe ta da murya kafin a juya kati. "Yana bakina" ba amsa ba ce, faɗuwa ce. A riƙa cakuɗa katunan, domin idan kullum Uhudu yana bin Badar, jerin ne kake haddacewa. Sabbin katuna kada su wuce biyar zuwa goma a rana, in ba haka ba gida na ɗaya zai cika har mutum ya gaji ya watsar. Minti goma sha biyar bayan Asuba sun fi awa uku a daren jarrabawa.

Yaya za a gane kati ya lalace? Alamu uku muka gani. Idan kana faɗin amsa tun ba ka gama karanta tambayar ba, wataƙila tabon mai ko yagewar gefen katin ka gane. Ba abokinka ya yi maka tambayar da wasu kalmomi ka gani ko za ka iya. Idan kati ya kayar da kai sau huɗu a jere, ko dai ya yi nauyi sai a raba shi biyu, ko kuma darasin ne ba ka gane ba, sai a koma wurin malam. Idan kuma kana kawo amsa kalma da kalma amma aka ce maka "don me?" ka yi shiru, to wannan kati yana buƙatar ɗan'uwa mai tambayar dalili.

Iyakar kati

Kati ba ya koyar da abin da ba a karanta ba. Sai an zauna gaban malam, an ji bayani, an karanta babin, sannan a yanka kwali. Ba ya kuma maye gurbin haddar matani ko ta Alkur'ani, waɗannan da tasu hanyar ta tilawa. Haka nan ba ya koya wa mutum rubuta doguwar amsa. Don haka ranar da muke duba gida na uku, sai mu zaro kati huɗu ko biyar na babi ɗaya, mu ajiye su a gabanmu, kowa ya ba da labarin babin da bakinsa daga farko zuwa ƙarshe, sauran suna saurare suna gyara masa.

Aron katin wani ma bai cika amfani ba. Mun gwada, wanda ya karɓi katunan da aka gama yi bai samu abin da mai yin su ya samu ba, don rabin karatun yana cikin zaman da ake yi ana neman tambayar da ta dace. Abin da ya fi shi ne kowa ya yi nasa, sannan a yi musaya a gwada juna.

Ga ƙannenmu da za su fara Sira a shekara mai zuwa, ku fara da babi ɗaya da kati goma: uku na shekaru, uku na mutane, biyu na kalmomi, biyu masu tambayar dalili. Ku kai wa malam ya duba kafin ku fara bita. Iyayenmu kuma, ko ba ku karanta Larabci, in an rubuta amsa da Hausa kuna iya riƙe kati ku yi wa yaro tambaya bayan Isha'i, za ku ji da kunnenku ko ya gane ko bai gane ba.

Abin da muka yi daidai daga Allah ne, kuskure kuma namu ne, muna roƙon malamanmu su gyara mana.